Mata Biyu, Teku Ɗaya: Sirrin V da Na a Rashanci

Ga wani kacici-kacici daga harshen Rashanci. A ce mata biyu ne maƙwabtan juna a Murmansk, birnin masunta da ke can ƙuryar arewacin Rasha, aka tambayi kowacce ina yayanta yake. Ta farko ta ce *Moy brat v more*. Ta biyu ta ce *Moy brat na more*. Kowace jimla kalma huɗu ce, uku daga ciki iri ɗaya: *moy* nawa, *brat* ɗan'uwa namiji, *more* kuma teku, ana furta ta da gaɓa biyu, mo-re. Amma duk ɗan Rashan da ya ji amsoshin nan, zai yi wa ta farko fatan Allah ya dawo da shi lafiya, ta biyu kuwa zai tambaye ta yaushe hutun yayan nata zai ƙare. Ba wanda ya gaya masa sana'ar ko ɗaya daga cikin mazan. Daga ina ya samo wannan labari?

Idan ka buɗe ƙamus, abin sai ya ƙara rikicewa. Zai ce maka *v*, wadda suke rubutawa в, tana nufin "cikin", *na* kuma, wato на, tana nufin "a kan". Bisa wannan, sai ka ɗauka na farko yana tsundum cikin ruwa, na biyu kuma yana kan jirgi a saman ruwa. To, ba haka ba ne. Na farko shi ne ke kan jirgi, ya yi nisa da gaɓa. Na biyu, wanda aka ce yana "kan teku", mai yiwuwa ko ƙafarsa ba ta taɓa ruwa ba yau: yana kan tudu, a wani gari irin Soci da ke bakin Bahar Aswad, yana shan iska. Ƙamus bai yi ƙarya ba, amma akwai abin da bai faɗa ba, kuma shi za mu bi sawu. Zan rubuta kalmomin Rashanci da baƙaƙenmu na boko, harafin c ya tsaya a matsayinsa na Hausa, kamar a "ciki".

Mu fara daga inda ƙamus yake da gaskiya ɗari bisa ɗari. *Stol* tebur ne. Idan aka ce *pasport na stole*, fasfo yana kan tebur, kana shiga ɗaki za ka gan shi. Idan aka ce *pasport v stole*, sai ka ja aljihun tebur. Wanda ya yi nahawun Larabci zai ga tsofaffin sanayya a nan, domin aikin *fi* da *ala* ke nan, har da yadda suke taɓa ƙarshen sunan da ya biyo su: *stol* ya koma *stole*, kamar yadda harafin jarri ke sa wa suna kisira. Matsalar Bahaushe ta farko ma ba ta ma'ana ba ce, ta kunne ce. *V* baƙi ne tilo ba wasali, ba mu da sautinsa a Hausa, kuma manne shi ake yi da kalmar da ke gaba, har ya koma f idan ya haɗu da baƙi irin s ko sh. *V stole* a baki "fstale" ce. Sabon ɗalibi yakan ji sunan, bai ji ɗan harafin da ke ɗauke da rabin saƙon ba.

Wannan ƙa'ida ta tebur takan riƙe ɗalibi na ɗan lokaci, har ranar da ya fita titi. A kan layi ɗaya akwai banki da gidan waya, gini biyu masu ƙofa da rufi da kanta da masu jiran layi. Wanda ke banki yana *v banke*. Wanda ke gidan waya yana *na pocte*. Mu a Hausa da "a" ɗaya muka sallami duka biyun, a banki, a gidan waya, shi ya sa tambayar ba ta taɓa zo mana ba. Rashanci kuwa ba shi da wannan mafaka, dole ka zaɓa.

Abin da ake fara zargi shi ne rufi. Kusan kowane mai koyo yakan kai ga wannan zato da kansa, kuma yana da hujjoji: gida *v dome*, kanti *v magazine*, asibiti *v bolnitse*, duk wurare ne rufaffu. Titi *na ulitse*, kasuwa *na rinke*, filin wasa *na stadione*, duk sarari ne, sama ce rufinsu. A Mosko ma abin ya zauna daram: mutum yana *v Kremle*, cikin ganuwar fadar Kremlin, da ya fito ta ƙofa sai ya zama yana *na Krasnoy ploshcadi*, a kan dandalin da ke gabanta. Sai dai zaton ba ya jure bincike. Daji ba shi da rufi, amma *v lesu* ake cewa. Lambu *v sadu*. Saharar da babu ko bishiyar da za a fake a ƙarƙashinta, *v Sahare*. Gari da ƙasa su ma haka, *v Kano*, *v Nigerii*. Ta ɗaya ɓangaren kuma, gidan waya na nan da rufinsa yana karɓar *na*.

Duk da haka ba a tashi a banza ba. Daji da hamada da gari sun haɗu a abu ɗaya: suna kewaye mutum ta kowace fuska, duk inda ya juya su ne. Ashe abin da *v* take nema shi ne kewayewa, rufi ɗaya ne kawai daga cikin hanyoyinta. A ajiye wannan a gefe, za mu buƙace shi.

Alama ta biyu tana makaranta. A ce malami ya leƙo ɗakin kwanan ɗalibai yana neman wani yaro, aka ce masa *on v klasse*, yana aji. Zai iya zuwa ya kira shi, domin abin da aka faɗa masa kawai shi ne ɗakin da yaron yake, wataƙila shara yake yi, wataƙila barci. Amma idan aka ce *on na uroke*, to darasi ake yi, kuma yaron yana cikin masu ɗaukarsa, sai a jira. Yaro ɗaya ne, a kan kujera ɗaya, a ɗaki ɗaya. Abin da ya sauya shi ne me ake ba da labari a kai, wurin ko abin da ke gudana a wurin. Da zarar an gane wannan, sai misalai su yi ta zubowa. Gidan wasan kwaikwayo *v teatre*, wasan da kansa *na spektakle*. Jami'a *v universitete*, lacca *na lektsii*. Ofis *v ofise*, aiki *na rabote*. Biki, ko a tsakiyar ɗaki ake yin sa, *na svadbe* ne.

Ga ɗaliban likitanci wannan bambanci ba na ado ba ne. *Vrac v bolnitse* na nufin likita yana cikin asibiti, ana iya nemo shi. *Vrac na operatsii* na nufin yana tiyata, hannunsa ba ya sake, a nemi wani.

A ganina, nan ne Bahaushe ya fi masu harsuna da yawa sa'a, ko da yake ba a cika nuna masa hakan ba. Mu ma muna cewa "yana kan aiki", "suna kan karatu", "ana kan shari'a", kuma ba wanda ke tunanin an hau saman wani abu. "Kan" ɗinmu ta daɗe da tashi daga saman tebur ta koma kan sha'ani. *Na* ta yi irin wannan tafiya, illa dai ta yi nisa fiye da tamu, kuma ta zama wajibi inda tamu take zaɓi.

To gidan waya fa? Shi ba darasi ba ne, ba biki ba. A nan dole a koma baya, domin kalma takan riƙe ɗabi'ar zamanin da aka haife ta. Kafin jirgin ƙasa, wasiƙa a Rasha doki ne ke kai ta. An jera zango-zango a kan manyan hanyoyi, inda ɗan saƙo zai tsaya ya ajiye dawakin da suka gaji, ya ɗaura sababbi, ya wuce. Abin da mutane suka sani da *pocta* ke nan a lokacin: matsaya a kan hanya, da farfajiya da barga da masu kula da dawaki, da hidimar da ake yi a wurin. Masu nahawun Rashanci, ciki har da Ditmar Rozental wanda littattafansa suka zama madogarar editoci a zamanin Tarayyar Sobiyet, da irin wannan suke bayyana *na pocte*. Dawakin sun tafi, aka gina ɗaki mai kanta, amma harafin bai motsa ba.

Masana'anta ma haka take. *Zavod* ba ɗaki ba ne, fili ne makeken gaske mai ɗauke da gine-gine da yawa da hanyoyi a tsakaninsu. Wanda ya taɓa ganin kamfanin ƙarfe na Ajakuta, wanda injiniyoyin Sobiyet suka gina, ya san irin girman da ake nufi. Don haka ma'aikaci yana *na zavode*, amma idan ana son a faɗi zauren da injinsa yake, sai a koma *v tsehe*. Tashar jirgin ƙasa ta bi sahun tashoshin kan hanya, *na stantsii*, *na vokzale*. Filin jirgin sama kuwa, duk da faɗinsa, sunansa daga tashar jiragen ruwa aka ciro shi, wadda take *v portu*, sai ya gaji harafinta: *v aeroportu*. Matafiyi zai bar *na vokzale* ya nufi inda zai zauna *v aeroportu*, kuma ba abin da idonsa zai gani a ginin biyu da zai bayyana masa dalili.

Yanzu muna da abubuwa uku a hannu. *V* tana kallon wuri a matsayin abin da ya kewaye mutum. *Na* tana kallonsa a matsayin shimfiɗa da ake tsayawa a kai, ko matsaya, ko sha'anin da ake ciki. Sannan wasu sunaye sun daskare a kan zaɓin da aka yi musu tun da. Saura alama ɗaya kafin mu koma wurin matan nan, kuma tana rubuce ɓaro-ɓaro a taswirar Rasha.

Akwai babban birni a kudancin ƙasar mai suna Rostov-na-Donu. A tsakiyar sunansa ga *na* nan zaune, Don kuma kogi ne. Birnin ba ya yawo a saman ruwa, a gaɓar kogin aka kafa shi, kuma an ƙara masa wannan jela ce don a bambanta shi da wani tsohon Rostov da ke arewa maso gabashin Mosko. Can gabas mai nisa akwai Komsomolsk-na-Amure, a bakin kogin Amur. Wato idan aka zo ga ruwa, *na* ba ta tsaya ga samansa kaɗai ba, ta haɗa da bakinsa da ƙasar da ke jingine da shi. Mutumin da ya ce ya girma *na Volge* yana nufin a garuruwan gaɓar Volga ya tashi. Idan ya ce *v Volge*, to maganar kifi yake yi, ko wanka, ko wani abu da ya faɗa ruwa.

Da wannan kacici-kacicin ya warware. Yayan mace ta biyu yana *na more* kamar yadda Rostov yake *na Donu*: a bakin teku. Kuma da yake yawancin 'yan Rasha suna zaune ne nesa da ruwa mai ɗumi, zuwa bakin teku a wurinsu ya zama sunan hutun bazara gaba ɗaya. Nan alama ta biyu ta shigo, domin *na more* ta zama kamar *na svadbe*, wuri ne kuma sha'ani ne. Shi ya sa mai sauraro ya ji hutu ba tare da an ambaci hutu ba. Yayan ta farko kuwa, gaskiya ne jirginsa a saman ruwa yake, amma harshen bai damu da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba, ya damu da abin da ke kewaye da shi. Gabas ruwa, yamma ruwa, ba gaɓa ko ta ina. Yana *v more* kamar yadda matafiyi yake *v Sahare*. A gari irin Murmansk, inda jiragen kamun kifi ke fita Tekun Barents su yi makonni, wannan jimla ba ta buƙatar ƙarin bayani.

Sai dai a yi hattara, kada a mayar da wannan doka marar togiya. Uwa da ke zaune a kan yashi a Soci, idan aka tambaye ta ina yara ta ce *deti v more*, ba ta nufin sun shiga jirgi, tana nufin suna cikin ruwa suna iyo. Haka kuma *na more shtorm* na nufin guguwa ta taso a kan teku, ba maganar hutu a ciki. Harafin yana nuna ta wace fuska ake kallon tekun, sauran kuma wanda ake magana a kansa da inda ake maganar ne ke cikawa.

Bayani ba ya tabbata sai an gwada shi a inda ba a gina shi ba, don haka mu kai shi gida. A Rashanci ƙasar Nijar da kogin Kwara suna ɗaya suke amsawa, Niger. Ɗauki birnin Yamai. Idan aka ce yana *v Nigere*, an faɗi ƙasar da yake ciki, mai iyakoki da suka kewaye shi. Idan aka ce yana *na Nigere*, an faɗi kogin da yake bakinsa. Duka biyun gaskiya ne game da Yamai. Amma Damagaram tana *v Nigere* kaɗai, domin kogin bai bi ta can ba, Lakwaja kuwa tana *na Nigere* alhali tana *v Nigerii*. Mai fassarar da ya yi sakaci da wannan zai iya ɗauke gari daga wata ƙasa ya kai shi wata. Mosko ma haka take da koginta mai suna iri ɗaya da ita: *v Moskve* birnin ne, *na Moskve-reke* kogin.

Gwaji na biyu ya fi burge ni, saboda tsabtarsa. *Ugol* kusurwa ce. Kusurwar ɗaki, idan ka tsaya a cikinta, bango biyu ne suka rungume ka, don haka *v uglu*. Kusurwar gini ta waje, inda titi biyu suka haɗu, tsini ne da ya turo, ba abin da ya kewaye ka, don haka *na uglu*. Bango ɗaya ne, kauri ɗaya ya raba wuraren biyu. Wanda ya aiko maka da saƙo cewa *ya na uglu* yana waje, a kwanar titi, yana jiranka cikin sanyi. Wanda ya rubuta *ya v uglu* ya riga ya shiga gidan abincin da za ku haɗu, ka duba teburin lungu. Mutane biyu za su iya shafe rabin awa suna neman juna a kan wannan, kowa yana ganin ya faɗi inda yake.

Mota tana da nata salon. *Ya v mashine* amsa ce ga mai tambayar ina kake: ina zaune cikin mota. *Ya priyehal na mashine* amsa ce ga mai tambayar yaya ka zo: da mota na zo. Haka *na avtobuse*, *na poyezde*, *na samolyote*, bas da jirgin ƙasa da jirgin sama, duk lokacin da abin hawa ne ake nufi ba ɗakin zama ba. Wannan ma ba baƙo ba ne a kunnenmu. Muna "hawa" mota mu "sauka", alhali shiga muke yi mu fita.

Hawa da saukan nan su ne mabuɗin wani abu da ke taimakon mai koyo ƙwarai. Kowanne daga cikin haruffan biyu yana da abokin tafiyarsa idan za a ce "daga". Abin da aka shiga da *v*, da *iz* ake fita daga cikinsa. Abin da aka hau da *na*, da *s* ake sauka daga kansa. Yaro yana *v shkole*, ya dawo *iz shkoli*. Uba yana *na rabote*, ya dawo *s raboti*. Wasiƙa ta zo *s pocti*, kuɗi sun zo *iz banka*. Amfanin wannan shi ne, ko ba ka taɓa jin wani suna da *v* ko *na* ba, idan ka ji shi sau ɗaya da *iz* ko *s*, ka san ɓangarensa. Kuma kuskure a nan yana da nauyi a kunnen masu harshen. Akwai 'yan Rasha da ke cewa *s Moskvi* a maganar yau da kullum maimakon *iz Moskvi*, kuma malaman makaranta ba sa gajiya da gyara musu.

Akwai abu ɗaya da harafin ba ya faɗa, wanda Bahaushe zai sa ran ya faɗa: ko mutum yana wurin ne ko zuwa yake yi. Wannan aikin ƙarshen suna ne. *V shkole* a makaranta, *v shkolu* zuwa makaranta. *Na pocte* a gidan waya, *na poctu* zuwa gidan waya. Harafin da suna ya zaɓa yana nan ba ya canzawa, wasalin ƙarshe ne ke nuna zama ko tafiya. *More* tana cikin sunayen da siffarsu ba ta bambanta a halin biyu, shi ya sa aikatau ne ke raba gardama: *poyehal na more* ya tafi hutu bakin teku, *vishel v more* ya fita teku da jirgi.

Inda bayanin namu ya fara rauni shi ne sunayen ƙasashe da yankuna, kuma gara a faɗi hakan a fili. Tsibiri ɗan tudu ne a tsakiyar ruwa, ana hawa kansa, don haka *na Kube*, *na Kipre*, *na Madagaskare*. Wannan ya dace da duk abin da muka gano. Amma Ayislan tsibiri ce, Japan tsibirai ce, kuma *v Islandii*, *v Yaponii* ake cewa, domin sunayensu sun shigo da ƙirar sunan ƙasa, irin ta *Nigeriya* da *Rossiya*. Kamcatka da Kirimiya duka ƙasa ce da ta kutsa cikin teku, amma ɗaya *na Kamcatke*, ɗaya *v Krimu*. Duwatsun Kaukasus da Ural *na Kavkaze*, *na Urale*, na Alps kuwa *v Alpah*. Ana iya nemo wa kowanne dalili bayan an san amsar, amma ba dalilin da zai sa ka hango ta tun kafin ka ji. Irin waɗannan haddace su ake yi, kuma hanyar da ta fi ita ce kada a taɓa rubuta sabon sunan wuri shi kaɗai a littafi. A rubuta shi da rakiyarsa uku: *na pocte, na poctu, s pocti*.

Duk da haka, ko a cikin wannan ruɗani akwai wata karkata da kunne ke ji. Yankin da ake kallo a matsayin shimfiɗar ƙasa marar takamaiman iyaka yakan ja *na*, kamar arewa da kudu, *na severe*, *na yuge*. Ƙasa mai gwamnati da kan iyaka takan ja *v*. Tsohuwar ƙasar Rus ta zamanin da *na Rusi* ce, Rasha ta yau *v Rossii*. Kuba ma, da zarar an kira ta da cikakken sunanta na hukuma, sai ta koma *v Respublike Kuba*.

Wannan karkata ce ta sa harafi ɗaya ya zama abin faɗa a kan Yukren. Tsawon ƙarnoni abin da aka saba a Rashanci shi ne *na Ukraine*. Bayan ƙasar ta sami 'yancin kai a 1991, 'yan Yukren da yawa suka ƙi wannan, suna cewa *na* tana mayar da ƙasarsu wani yanki ko gefen wata ƙasa, alhali sauran ƙasashe masu cin gashin kansu da ke kan tudu *v* ake ba su. Masu riƙe da tsohon salo suna cewa al'adar harshe ce kawai, kamar ta gidan waya, ba ta ɗauke da raini. Kowane ɓangare yana riƙe da ɗaya daga cikin alamun da muka bi: ɗaya da ma'anar da harafin ke bayarwa, ɗaya da daskarewar tarihi. Rikicin da ya ɓarke a 2014, da yaƙin da ya faɗaɗa a 2022, sun sa zaɓin ya ƙara nauyi. A yau kafofin gwamnatin Rasha suna rubuta *na Ukraine*, masu magana da Rashanci a Yukren da kafofi da yawa na waje suna rubuta *v Ukraine*, kuma mai sauraro yakan ɗauki harafin a matsayin shaidar inda mai magana ya tsaya, ko da shi bai nufi komai ba. Baƙon da ke koyon harshen ya kamata ya san da wa yake magana kafin ya buɗe baki, ya kuma tuna cewa zaɓin yana jan abokin tafiyarsa: wanda ya ce *v Ukraine* zai ce *iz Ukraini*, wanda ya ce *na Ukraine* zai ce *s Ukraini*.